Kalmar da za ta sa ƙaramar ungozoma ta kira na gaba da ita

Maman Hanif: Salamu alaikum. Litinin zan koyar da sababbin ungozomomi kan zubar jini bayan haihuwa. Na fassara duka matakan E-MOTIVE, wato tsarin gano zubar jinin da wuri da tsayar da shi, sai na ƙarshe, inda allo ya nuna `Escalate`. Ku taimaka.

Ɗan Jarida: Ta'azzara. Haka muke cewa a labarai.

Sista Babba: Wannan ta rikici ce, ɗana. Nan ana nufin lokacin da ƙaramar ungozoma za ta daina fama ita kaɗai. Jini ya kai mililita 500 a ledar awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, ko 300 amma bugun zuciya ya ƙaru ko awon jini ya faɗi. Ta murza mahaifa, ta ba da magungunan tsayar da jini, oksitosin da tiranezamik, ta sa ruwa, ta duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. Jinin bai tsaya ba? To ya wuce hannunta.

Abu Safiyya: Turawa ke nan.

Sista Babba: Turawa asibitin gaba ake yi, da mota. Wannan kuwa likita yana ɗaki na biyu. In kika rubuta turawa, za ta tsaya cike takarda.

Malam Na-Sakkwato: Samantarwa. Daga sama, kamar yadda aka samu zamanantarwa daga zamani. Na daɗe ina ba da ita.

Ɗan Jarida: Malam, wa zai gane wannan da ƙarfe biyun dare?

Malam Na-Sakkwato: Ku 'yan rediyo kun fi son aro, shi ya sa harshen bai ci gaba ba. Kowace kalma wani ya fara faɗarta.

Abu Safiyya: Ɗaukakawa fa, kamar ɗaukaka ƙara?

Maman Hanif: Ƙarar nake gudu. Yaran nan ba sa kira don kada a ce sun kasa, wasu manyan ma tsawa suke yi in an tashe su.

Sista Babba: Shi ya sa miƙa wa na gaba ma ba ta yi mini ba. Mai miƙawa ta sauke nauyi, alhali ana so hannunta na kan mahaifa tana kira. Ni ba na ma jira a gama matakan. In mace ta fara gumi mai sanyi ko tana rikicewa, a kira nan take, ko leda ba ta nuna 500 ba, don jini kan taru a ciki. Tiranezamik kuma cikin awa 3 da haihuwa ake so a ba da shi. Ki sa neman ɗauki.

Abu Safiyya: Ɗauki ai ko mai shara zai iya kawowa. Ina girman?

Maman Hanif: To, neman ɗaukin na gaba. Na gode, Sista.

Malam Na-Sakkwato: Jimla ce wannan, ba kalma ba. Ki dai sa tawa a ƙasan shafi.

Maman Hanif: In wuri ya rage, Malam.