Za a iya tashina daga gidan haya ina cikin takaba?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 12 da rasuwar maigidana, ya bar ni da yara biyu, mace da namiji, a gidan haya a Kubwa. Ya biya kuɗin shekara, saura wata uku ya ƙare. Yayansa ya ce in haɗa kaya in koma Zariya wurin Hajiya mahaifiyarsu in ƙarasa takaba, shi kuma ya karɓo ragowar kuɗin hayar a zuba cikin gado. Ya kuma rufe shagon Dei-Dei, ya ce ba ni da ciyarwa. Yara suna makaranta a nan. Ina mafita?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri ƙanwata. Kada ki ɗaga ko cokali daga gidan nan tukuna. Kuma ciyarwa ai dole ce, mace mai idda mijinta ke ci da ita har ta gama, tunda babu shi sai a cire daga dukiyarsa.

Malam Sabi'u: Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. Hajiya, kin yi daidai a ta farko, amma ta biyun hukuncin sakin kome ne kika ɗauko. Takaba dabam take.

Maman Hanif, mace tana takaba ne a ɗakin da take zaune lokacin da rasuwar ta same ta, wata huɗu da kwana goma a lissafin watan Musulunci, in kuma da ciki sai ta haihu. Furai'a bint Malik, 'yar uwar Abu Sa'idil Khudri, an kashe mijinta, ta nemi izinin Annabi (SAW) ta koma cikin danginta saboda bai bar mata gidan kansa ba. Ya ce ta zauna a ɗakinta har wa'adi ya cika. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa, kuma Sayyidina Usman ya yi hukunci da shi a zamaninsa.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, Risala ta faɗa ƙarara cewa mai takaba tana da haƙƙin wurin zama idan gidan na mamacin ne ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Naki na biyun ne. Wata ukun nan da ya biya kin fi magada da masu bin bashi cancantarsu, don haka ba a karɓo kuɗin daga hannun mai gida a raba alhali kina ciki. Ko da gidan kansa ne ma, ba a fitar da ke don a sayar kafin ki gama.

Inda yayan ya faɗi gaskiya shi ne ciyarwa. Da rai ya fita dukiya ta zama ta magada, saboda haka mai takaba ba ta da ciyarwa a cikinta, ko tana da ciki. Daga rabonki za ki ci, yaran ma daga nasu. Amma wannan ba ya nufin a garƙame shago a bar ku da yunwa. Abin da ake yi, a fitar muku da kuɗin cefane a rubuta, ranar rabo a cire daga kasonku.

Maman Hanif: Na gode Malam. To na ƙirga, hayar za ta ƙare saura kusan wata ɗaya in fita takaba. Wannan watan fa?

Malam Sabi'u: Shi ba ya kan dukiyar mamaci. Idan mai gida ya yarda ki ci gaba a kan kuɗin da aka saba, ki biya daga naki ki zauna. Idan ya ƙi, ko ya tsawwala kuɗi fiye da kima, kina da uzuri, sai ki koma wani wuri ki ƙarasa sauran kwanakin a can, ba sabon lissafi za ki fara ba.

Maman Ikram: Wannan watan shi ya ba ni wahala a Gwagwalada shekara uku da suka wuce. Masu gida a Abuja ba sa son jin maganar wata ɗaya, shekara suke so. Na bari sai da takardar tashi ta iso, na tura ƙanena yana roƙo a bakin get, ni ina ɗaki da farin mayafi ina jin muryarsu ta taga. Da ƙyar aka bar ni bayan na sayar da 'yan kunnena. Ki tura wani namiji naki yanzu yanzu, tun ana zuwa gaisuwa zuciya na da taushi, a yi maganar watan nan a rubuce. Rasit ɗin hayar kuma ki ɗauke shi a waya ki ɓoye na takardar. Nawa a jakar mamaci yake, jakar kuwa ta bi dangi.

Abban Sadiq: Ni na taɓa ji a tafsiri cewa shekara guda cur ake barin mace a gida da ciyarwa, yana cikin Baƙara. Me ya sa ba a maganarsa?

Malam Sabi'u: Ayar tana nan, ta 240. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa aya ta 234 da ayoyin gado sun shafe hukuncinta. Magada in sun bar ta shekara don kyautatawa sun samu lada, amma kotu ba za ta tilasta su ba.

Anti Binta: Ina aikin lauya a nan Abuja, bari in ƙara abin da ba a taɓo ba. Tunda akwai ɗa namiji, yayan mijinki ba ya da ko sisi a gadon nan, ɗan ya katange shi. A ce bayan an biya bashi, har da sadakinki in akwai saura, an sami naira miliyan 4.8, mahaifinsa ba ya raye kuma ke kaɗai ce mata. Tumuninki dubu 600 ne, Hajiya sudusi dubu 800, sauran miliyan 3.4 na yaranki, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Kin ga kusan duk abin da ke shagon nan na ɗakinki ne. Ki nemi a ƙirga kayan a gaban shaidu daga ɓangarenki da nasu, da littafin bashi, kowa ya riƙe kwafi. Siminti da rodi ba sa jira, a hankali suke sulalewa.

In lalama ta ƙi, kotun yanki ta Abuja tana sauraren gadon Musulmi. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ma ta haramta cutar da matar da mijinta ya rasu. Zuwa kotu ko kasuwa da rana don buƙata bai ɓata takaba, kwana ne dai sai a gida.

Hajiya Ladi: Na karɓi gyara Malam. Amma ni maganar kotu tun ba a yi arba'in ba ta yi min nauyi. Kakar yaran nan ce fa a Zariya, ɗanta ta rasa, wataƙila jikokin take son gani kusa da ita, ba kuɗin haya ba. Maman Hanif, ki kira ta da kanki, kada ki bar saƙo a bakin yayan.

Anti Binta: Ta kira ta, Hajiya, ban ƙi ba. Ƙirga kayan shago dai kada ya jira arba'in.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Na sami rasit ɗin a cikin durowa, kawuna zai ga mai gida gobe bayan Azahar. Hajiya kuma na kira sau biyu, kuka ya hana mu magana. Zan sake gwadawa da daddare.