Saƙon Momo ya shigo amma kuɗi bai shigo ba: yadda masu ciniki ta WhatsApp a Kumasi da Ankara ke tabbatar da biya

Hajiya Rabi, Aboabo

Assalamu alaikum. Ina sayar da abaya da mayafi daga gida, kuma yawancin cinikina daga sitatus yake zuwa, sannan na tura mai so zuwa katalog ya zaɓa. A makon jiya wata mata da ban sani ba ta turo mini kwandon kaya daga katalog, abaya uku a kan sidi 350 kowace ɗaya, muka ƙara sidi 50 na mai babur, jimla sidi 1,100. Ba ta nemi ragi ko kaɗan ba, abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. Jim kaɗan saƙo ya shigo wayata cewa an biya sidi 1,600, sai ta kira tana haƙuri, wai ɗanta ne ya yi kuskure wajen turawa, in mayar mata da 500, kuma mai babur ɗinta yana bakin titi yana jira. Na ce ta ba ni minti biyar. Da na buga *170# na duba asusuna na Momo, wato asusun kuɗi na waya, sidi 420 da na kwana da su ne kawai a ciki. Ina so waɗanda suka daɗe a wannan sana'a su faɗi abin da suke yi kafin su saki kaya, domin ranar da kasuwa ta cika ba lallai mutum ya sami natsuwar da na samu ba.

Malam Sani, Asawase

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kiyaye gaba. Na yi shekaru ina riƙe da rumfar Momo kafin na koma sayar da turare, saboda haka wannan salon ba baƙo ba ne a wurina. Da kin mayar da 500 ɗin, ai daga cikin kuɗinki za su fita, kuma da 420 ɗin ba su isa ba, za ta ce ki turo abin da ya samu, sauran ta yafe. Ga kuma abaya uku sun tafi da mai babur wanda shi ma wataƙila bai san komai ba, an dai tare shi a hanya an ce ya karɓo saƙo.

Saƙon gaskiya na MTN yana zuwa da sunan MobileMoney, ba daga lambar waya mai adadi goma ba, kuma yana faɗawa cikin jerin tsoffin saƙonnin da kika saba samu. A cikinsa akwai adadin da aka biya, da sunan wanda ya biya, da Transaction ID, da kuma Current Balance. Wannan na ƙarshen shi ne yake tona asirinsu, domin ɗan damfara ya san adadin da zai rubuta amma bai san abin da ke cikin asusunki ba. A lissafinki, 420 da 1,600 ya kamata su ba da 2,020. Ki koma ki karanta saƙon, ina kyautata zaton za ki ga ko dai an rubuta 1,600 a matsayin ragowar kuɗi, ko kuma an jefa wani adadi da ba shi da alaƙa da asusunki. Duk da haka ni ba na tsayawa a karanta saƙo. Ina buga *170#, in zaɓi 6, wato My Wallet, in zaɓi Check Balance, ko in buɗe manhajar Momo in duba jerin kuɗin da suka shigo. Kafin na ga adadin ya ƙaru da idona, kaya ba sa barin shago, ko da mai babur zai yi ta danna oda har unguwa ta taru.

Mma Zainabu, Nima

Ni dai dabarata mai sauƙi ce. Ina cewa duk wanda ya biya ya turo mini hoton shaidar biya daga wayarsa, wanda ke ɗauke da sunana da lambar Transaction ID. Idan babu wannan hoton ba na tura kaya, kuma tun da na fara haka ba a taɓa cuta ta ba.

Malam Sani, Asawase

Mma Zainabu, neman hoton yana da amfani, amma ba don abin da kike zato ba. Hoto abu ne da yaro mai wayo zai gyara cikin minti biyu, ya ɗauki tsohuwar shaidar biya ya sauya suna da adadi da kwanan wata. Amfaninsa shi ne ki ɗauki Transaction ID da ke jikinsa ki kwatanta da wanda ke cikin saƙon da ya shigo miki. Idan mutum uku sun sayi mayafi a kan sidi 80 a yini ɗaya, biyu suka biya, ta nan ne za ki san wanda bai biya ba. Ina ganin abin da ya tsare ki har yau shi ne yawancin masu saye a wurinki mutanen Nima da Mamobi ne da kuka san juna.

Abdul Karim, Madina

Tunda ana maganar sitatus, ni matsalata ita ce ina saka hotunan takalma kullum amma masu kallo ba su wuce arba'in, alhali ina da lambobi fiye da ɗari biyar a waya. Shin an toshe ni ne, ko kuwa akwai kuɗin da ake biya?

Hajiya Rabi, Aboabo

Ɗana Abdul Karim, wannan wata magana ce daban, amma a taƙaice, sitatus ba ya bayyana sai ga wanda kai ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Ka riƙa roƙon duk wanda ya saya ya ajiye lambarka. Malam Sani, na koma na duba, saƙon daga lambar waya ya zo, kuma ragowar kuɗin da aka rubuta 1,600 ne daidai yadda ka faɗa.

Alhaji Bashiru, Alabar

Ina so in ja hankali zuwa ga abin da ke gaban biya, wato tabbatar da odar kanta, domin asarar da na fi gani a shagona ba ta ɓarayi ba ce, ta rashin fahimtar juna ce. Kwandon da mai saye ya turo daga katalog saƙo ne kawai, ba biya ba ne, kuma ba ya rage adadin kayan da suka saura. Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, sai mutum ya zo bayan kwana uku da hoton da ya ɗauka, yana neman shadda a tsohon farashi. Saboda haka yaron shagona yana da umarni guda: kafin a ba kowa lambar biya, a rubuta masa saƙo ɗaya mai ɗauke da sunan kaya, da launi, da yawan yadi, da farashi, da kuɗin aike, da wurin da za a kai, da sunan da zai bayyana masa idan ya saka lambarmu, sannan a jira ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Saƙon murya ba ya wadatarwa, musamman da yake dattawanmu har yau suna lissafi da tsohon kuɗi na kafin 2007. Wata baiwar Allah ta ce za ta biya miliyan biyar, yaro ya ɗauka wasa take yi, alhali sidi 500 take nufi. Adadi a rubuce ya kashe wannan gardamar.

Bayan haka muna amfani da alamomin WhatsApp Business. Wanda ya yarda a saka masa Pending payment, kuma babu mai mayar da shi Paid sai ni da wayar Momo take hannuna. Kayan da ya ƙare a ɓoye shi daga katalog a ranar, don kada wani ya biya kuɗin abin da babu.

Fati, Sabon Zango, Ankara

Nawa labarin ya ɗan bambanta. Wani ya ce zai biya kuɗin man shafawa, sai ya kira ya ce kuɗin ya maƙale, in buga *170# in zaɓi 4 domin ya wuce. Zaɓi na 4 shi ne Allow Cash Out. Nan take wani saƙo ya fito a allon wayata yana neman lambar sirri, kuma da na karanta shi da kyau sai na ga cire kuɗi ne daga asusuna, ba shigowa ba. Na soke shi, na kira 100 na ba da lambarsa. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri ko kaɗan. Duba ragowar kuɗi yana buƙata, amma wannan ke ce kika fara bugawa da hannunki, ba wani ne ya turo miki ba.

Tambayata ga Malam Sani ita ce biyan da ake yi daga banki. Sau da yawa mai saye yana cewa ya turo daga bankinsa zuwa Momo, an cire masa, amma ni ban gani ba, kuma wani lokaci gaskiya yake faɗa, bayan awa biyu sai ya shigo.

Malam Sani, Asawase

Haka ne, ƙanwata, jinkiri yana faruwa tsakanin banki da Momo, ko tsakanin Telecel Cash da MTN, kuma wani lokaci asusun mai karɓa ne ya kai iyakar da aka yanka masa, sai kuɗin ya koma. Shi ya sa masu damfara suke son wannan uzurin, domin yana kama da gaskiya. Abin da nake faɗa wa mai saye shi ne na ware masa kayansa, na rubuta sunansa a jiki, ba zan sayar wa kowa ba har gobe da azahar. Mai gaskiya yakan yi ɗan gunaguni ya jira. Wanda ya fara cewa motarsa za ta tashi daga Asafo nan da minti goma, ko ya shiga tambaya ko ni musulmi ne da ba zan yarda da ɗan'uwana ba, wannan na san inda ya dosa.

Haka kuma idan kuɗi ya shigo da gaske bisa kuskure, kada a mayar zuwa wata lamba dabam da aka karanto a waya. A bar wanda ya turo ya bi ta kamfanin a mayar masa.

Mma Zainabu, Nima

To amma Malam, mu ma masu saye suna tsoronmu, domin an sha karɓar kuɗinsu ba a aiko da kaya ba. Rabin sababbin masu saye a wurina ba sa yarda su biya sai kaya ya isa hannunsu. Idan na dage sai an biya tukuna, ciniki ya tafi wurin wata.

Alhaji Bashiru, Alabar

A cikin gari ina yarda da biya a bakin ƙofa, da sharaɗin mai babur nawa ne, an riga an biya kuɗin aike, kuma ba zai miƙa kaya ba sai na kira shi na ce kuɗi ya shigo. Nuna masa saƙo a waya ba ya aiki. Amma kayan da za a saka a mota zuwa Tamale ko Ankara, cikakken kuɗi nake karɓa.

Hajiya Rabi, Aboabo

Alhaji, kai kana da shago a Alabar da kowa zai iya zuwa ya gani, shi ya sa ake yarda a biya ka gaba ɗaya. Mu da muke ciniki daga ɗaki, rabi muke iya nema, kuma ko rabin ma wata abokiyar cinikina ta Tamale ta ƙi, ta ce sai ƙanwarta da ke Kejetia ta zo ta ga abayar da idonta. Na ce ta turo ta ranar Asabar bayan la'asar.