Me za mu kira PIR da Hausa, kuma yaushe ake cewa jaka ta ɓata?

Sa'adatu: Assalamu alaikum. Kwana 9 ke nan da saukar mahaifiyata, jakarta ba ta zo ba. Na rubuta wa kamfanin jirgin ƙorafi da Turanci, da taƙaitawa da Larabci a ƙasa. Da na zo karanta mata da Hausa sai na kakare a kan PIR, takardar nan da aka cika mata a filin jirgi. Na ce "rahoton matsalar kaya", ta ce ba ta gane ba. Wace kalma ce ta dace?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Takardar cigiya. Abin da ake yi ke nan: a faɗi launin jaka da girmanta da lambar da aka manna a bayan tikiti, a baza nema.

Nasiru: Ni dai takardar ƙorafi nake ce mata, tunda ita ake nunawa a biya mutum.

Hajiya Rabi: Nasiru, ana nuna ta, amma ba ita ce ƙorafin ba. Na daɗe ina aikin nan. Cigiya tana buɗe fayil ne kawai, da lamba mai haruffa 5 da alƙaluma 5. Neman diyya wasiƙa ce daban, irin wadda Sa'adatu ta rubuta, kuma lallai lambar nan ta fito a samanta. In muka kira su da suna ɗaya, mutum zai cika ta farko ya koma gida yana jiran kuɗin da bai nema ba.

Sa'adatu, me kika rubuta, *lost* ko *delayed*?

Sa'adatu: *Delayed* a Turancin, Hajiya, wato ta yi jinkiri. A Larabcin kuwa na sa mafƙuda.

Hajiya Rabi: To gyara, 'yata, ɓangarorin biyu sun saɓa. Mafƙuda na nufin ta ɓata. A Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, sai jaka ta kwana 21 ba ta iso ba, ko kamfani ya amsa da kansa cewa ta ɓata, sannan ake neman diyyarta a matsayin ɓatacciya. A kwana 9 jinkiri ne, abin da za ki nema shi ne kuɗin sutura da sabulun da Mama ta saya, da rasit ɗinsu. Da Hausa ina cewa "ta makara" kafin kwana 21, "ta salwanta" bayan haka, don "ɓata" yana ɗaukar duka biyun.

Bello: Tawa ta zo a kan lokaci amma da tayarta a karye. Ita ma cigiya zan cika? Ai ba ta ɓata ba.

Malam Habu: Nan kam kalmata ta gaza, don PIR ya haɗa da lalacewa.

Hajiya Rabi: Haka ne. Bello, kwana 7 kawai gare ka daga ranar da ka karɓe ta, kuma a rubuce, kada ka tsaya jiran mu gama.

Sa'adatu: Na gwada "takardar cigiya", nan take Mama ta gane. Na fasasshiyar jaka kuma, ko "takardar shaidar ɓarna"?