Wai kalmomi kashi 7 ne kawai, sauran duk murya da fuska?

Habu mai shagon atamfa: Salamu alaikum jama'a. A wani taron horar da ƴan kasuwa an ce mana kalmomi kashi 7 cikin 100 ne na saƙo, murya 38, fuska da jiki 55. Yaron shagona ne ke aika wa masu bashi saƙon murya a WhatsApp, kuma biyu sun yi fushi a watan nan. To in daina gyara masa kalmomi, in koma kan muryarsa?

Alhaji Garba: Gaskiya suka gaya maka, Habu. Ka ce wa yaro "ka kyauta" lokacin da ya fasa maka tulu, ka gani ko zai yi murna. Kalmar yabo ce, amma muryar ta gama zaginsa. Haka "sannu da aiki", haka "to". "To" ɗaya tana iya zama na yarda, tana iya zama za ka gani. Ni a ganina 7 ɗin ma sun yi wa kalmomi alfarma.

Malam Laminu: Alhaji, ranka ya daɗe, misalinka daidai ne, amma lissafin bai kai inda aka kai shi ba. Ya fito ne daga gwaji biyu da Albert Mehrabian ya wallafa da abokan aikinsa a Amurka a 1967. Ba zance aka saurara ba, kalma guda-guda aka naɗa. A ɗaya an faɗi kalmomi na so da na ƙi da na tsaka-tsaki, kowace da murya iri uku. A ɗayan kuma kalma ɗaya ce tak mai ma'anar "wataƙila", aka haɗa ta da hotunan fuska. Tambayar da aka yi wa masu sauraro ita ce: mai maganar nan yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya so? Daga baya aka haɗa sakamakon biyu aka fitar da 7 da 38 da 55. Shi kansa mai binciken ya yi gargaɗin cewa lissafin ya tsaya ne ga inda mutum ke faɗin abin da ke ransa, kuma murya ta saɓa wa kalma. Wato "ka kyauta" ɗinka ne cif, gatse.

Amma saƙon bashi yana ɗauke da adadi da rana. Babu muryar da za ta sanar da mutum jikka nawa ake bin sa in kalmar ba ta fito ba. Sannan a Hausa ma ba a raba kalma da murya kamar yadda ake raba tsaba da dusa. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sauti ne kawai ya raba su. "Ya tafi" in ka ja ya ɗin sama, labari ne, ya riga ya tafi. In ka gajarta shi ka sauke, umarni ne, a ce masa ya tafi. Wannan kashi nawa za a ba shi, na kalma ko na murya?

Alhaji Garba: Malam, kai dai ka yarda da ni ta bayan gida.

Malam Laminu: Na yarda murya ce ke gaya wa mutum matsayinsa a wurinka. Ban yarda a bar gyaran kalma ba.

Hajiya Rabi, tsohuwar mai gabatar da shiri a rediyo: Habu ƙanena, rubuto mana abin da yaron ke faɗa, kalma da kalma, kuma ka duba daƙiƙa nawa saƙon ya ci.

Habu mai shagon atamfa: Ga shi Hajiya: "Salamu alaikum Alhaji, maigida ya ce a tuna maka kuɗin atamfa, ranar Litinin aka yi da kai, jikka ashirin da biyar." Daƙiƙa 5.

Hajiya Rabi: To ka ga inda gizo ke saƙar. Kalma 21 a daƙiƙa 5, ya fi kalma huɗu a kowace daƙiƙa, ba numfashi. Kalmomin ba su da laifi sosai, amma wanda ya ji su a haka abu biyu zai ɗauka. Na farko, sallamar ba ta samu wurin zama ba. A fili in ka yi sallama kana jira a amsa. In ka liƙa "alaikum" da maganar kuɗi, dattijo zai ji kamar an tare shi a ƙofar masallaci an miƙo hannu. Ko da saƙon murya ne, a bar daƙiƙa ɗaya bayan sallama, domin mai sauraro yana amsawa a ransa, wasu ma da baki.

Na biyu ya fi wannan haɗari. Jimlar Hausa gangarowa take yi, tana farawa sama tana ƙarewa ƙasa, ga shi iska ta kusa ƙarewa a ƙirji. Gaɓar ƙarshe ita ce mafi rauni. Yaronka kuwa can ya ajiye adadin, kuma biyu da biyar a gaɓar ƙarshe kawai suka bambanta. Mai sauraro a kan babur ko cikin hayaniyar babbar kasuwa zai ji "ashirin da biy...", ya cike da wanda ya fi masa daɗi. Ranar biya a tarar jikka uku sun zama rigima. Haka sittin da saba'in da tamanin, duk wutsiyarsu ɗaya, in aka yi sauri sai su rikice.

Ga yadda zan sa shi ya yi. Ya ja numfashi kafin ya danna. "Salamu alaikum Alhaji." Tsayawa. "An wuni lafiya? Yaron Habu ne mai atamfa." Tsayawa. "Maigida yana gaisuwa, ya ce in tuna maka jikka ashirin da biyar ɗin nan na atamfa, da aka yi za a kawo ranar Litinin." Tsayawa. "Allah ya ƙara buɗi." Adadin ya dawo tsakiyar jimla inda murya ke da ƙarfi, kuma "ɗin nan" da ke bin sa yana tilasta wa harshe ya ƙarasa biyar. Saƙon ya ci daƙiƙa 15 zuwa 18. Ba ko'ina ake jan magana ba, wanda ya ja komai kamar mai karatun wasiyya shi ma ana jin rainin hankali a ciki. Gaisuwa ta tafi yadda aka saba, a rage gudu kan adadi da rana kaɗai. Bayan haka a rubuta 25.000 F a ƙasa.

Malam Laminu: Ku lura Hajiya ta gyara gudu, amma sai da ta sake wa kalmomi wuri. Ƙarin abu ɗaya: ya kula da ƙarshen jimla. In ya ɗaga muryar a kan "Litinin", ta zama tambaya, kamar shi ma bai tabbata ba, mai bashi ya samu ƙofa. In ya sare ta da ƙarfi, ta zama wa'adi. A bari ta sauka da kanta.

Sa'a: Ni dai maganin murya da na sani zuma ce da citta da ruwan ɗumi da safe. Ya daina shan ruwan ƙanƙara.

Ila mai lasifika: Yaya Sa'a, ba dishewa ya yi ba, muryar tasa lafiya lau. Habu, ina da zargi ɗaya. Shagonka a cikin kasuwa yake? In haka ne yaron ba fushi yake ba, hayaniya ce ke sa shi ɗaga murya bai sani ba, kowa haka yake yi. Matsalar ita ce shi Alhajin yana sauraro ne a zaurensa bayan la'asar, shiru, sai ya ji ana daka masa tsawa ba dalili.

Kuma ihun ba ya sayen komai. Yawancin wayoyi suna daidaita ƙarfin sauti da kansu lokacin naɗi, don haka mai ihu da mai magana a hankali kusan ƙarfi ɗaya suke isa kunne. Abin da ya rage a saƙon shi ne alamun ihu: murya ta haye sama, maƙogwaro ya ɗaure, wasula sun kumbura sun danne baƙaƙe irin su s da f da ts. In ya yi yawa sautin ya fashe, ka ji yana kar-kar kamar tsohuwar rediyo. Nisa ne ke aiki. Hira ta yau da kullum a ma'aunin ƙarfin sauti kusan desibel 60 ce a mita ɗaya, kuma a fili duk ninka nisa ana rasa kusan 6. Juya lissafin: matso da waya daga tsawon hannu zuwa rabinsa ya ba ka wannan 6 ɗin kyauta, hayaniyar kasuwa kuwa tana nan yadda take. Ya riƙe gindin wayar, inda ƴar hudar makirufo take, kamar tsawon tafin hannu daga baki, ya ɗan kauce gefe don kada iskar b da f ta buge ta. Ya juya wa hanya baya, ko ya shiga tsakanin turamen atamfa, tufafi suna shanye amo. Kafin ya aika na gaske, ya aika wa kansa ɗaya ya saurara.

Alhaji Garba: Duk na ji. Amma ku da ba ku bin bashi ba ku san wani abu ba. Akwai wanda in ka kwantar masa da murya, shi ke nan ya mai da kai na ƙarshen layi, ya biya mai tsawa ya bar ka. Daga nan har Jibiya haka ake. Mu a kasuwa ɗaga murya ba faɗa ba ne, ciniki ne.

Hajiya Rabi: Alhaji, a gaba da gaba ne, yana ganin haƙoranka, kuma ku tsara ne. Nan yaro ne ke yi wa babba magana, ba fuska, kuma saƙon yana nan ajiye, zai sake kunna shi, ya kunna wa matarsa. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa har da shaida. Kauri kuma ba sai da ƙara ba. Saƙo na biyu in an saɓa alkawari: a rage gaisuwa zuwa sallama kaɗai, murya ta sauka ƙasa, a tsaya kafin ranar da bayanta. Ana jin wannan fiye da tsawa.

Alhaji Garba: Na biyu na yarda. Na uku fa, Hajiya? In ya kai na uku ni da kaina nake kira, kuma ba a hankali ba.

Malam Laminu: Wannan kuma hakkin maigida ne, muryar da za a jure daga gare ka ba za a jure ta daga yaro ba. Ko tana kawo kuɗin da sauri, ku ƴan kasuwa sai ku daidaita tsakaninku.

Habu mai shagon atamfa: Na gode ƙwarai. Sai dai ɗaya daga cikin biyun, na taɓa ganin wayarsa a kan saurin sauraro na 1.5× take kullum. Kenan daƙiƙa biyar ɗin nan a uku da ɗoriya ya ji su.

Ila mai lasifika: Shi ya sa tsayawar Hajiya ta zama dole, ko an gudu da ita tana barin ɗan gurbi. Sa yaron ya naɗa sabon gobe da safe kafin kasuwa ta cika, ka turo mu saurara a kan 1× da 1.5× duka.