Ciwon baya ya sauko mini har ƙafa, shin lokacin yin hoto ya yi?

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da masu gashin ƙashi, ku ba ni shawara. Mako 5 ke nan da na sunkuya na ɗaga buhun masara a shago, na ji ƙugu ya riƙe. Na ɗauka tsoka ce na ja, don ya taɓa yi mini haka, kwana 4 ya sake ni. Na sha ibuprofen, na gasa da ruwan ɗumi, ciwon bayan ya ɗan lafa.

Amma yanzu ciwon yana bi ta ɗuwawun hagu ya gangara bayan cinya har ƙasan gwiwa, kamar wutar lantarki. Idan na yi tari ko atishawa sai ya harba. Babban yatsan ƙafata ya yi sanyi kamar ba nawa ba, jiya ma silifas ya fice mini a hanyar masallaci ban sani ba. Fitsari da bayan gida lafiya lau, tsakanin cinyoyina ma ina ji.

An ce mini a jira mako 6 kafin a yi MRI, wato hoton da ke nuna jijiya, hoton ƙashi kuwa ba ya nuna jijiya. To ficewar silifas ɗin nan raunin ƙafa ne da ba ya jira? Kuɗin hoton ba wasa ba ne.