MFI ya kai 84, RSI yana 48: in sayar ko in riƙe?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Ina riƙe da hannun jarin wani kamfani a kasuwar hannayen jari ta Legas, kuma kusan mako uku ke nan farashinsa yana yawo a kusa da naira 20. RSI, ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, yana nuna 48, amma MFI, ma'aunin kwararar kuɗi, ya haura zuwa 84, dukansu a kan kwana 14. An ce mini ma'aunan biyu 'yan'uwan juna ne, kuma idan MFI ya wuce 80 sayen ya yi yawa. Shin in sayar, ko kuwa akwai abin da ban fahimta ba?

Malam Na-Kwari: Wa alaikumus salam. Ni a ganina kada ka sayar, Malam. RSI farashi kaɗai yake kallo, shi kuwa MFI yana haɗa farashi da yawan hannayen jarin da aka yi cinikinsu, saboda haka idan ya tashi alhali farashi bai motsa ba, alama ce cewa masu manyan kuɗi suna tara kayan a ɓoye. Ko a kasuwar atamfa, idan ka ga babban dila yana kwashe wani samfuri a nitse, ka san farashinsa zai tashi nan gaba kaɗan. Kuɗi ne suke shigowa cikin kamfanin nan.

Alhaji Mai Lissafi: Idan ana maganar shigar kuɗi da fitarsu, ai rahoton kuɗin kamfani na ƙarshen zango ya kamata a buɗe, a ga abin da ya samu daga harkokinsa da abin da ya biya na bashi. Na yi shekaru ina duba irin waɗannan takardu, kuma ban taɓa ganin an yanke hukunci da lamba guda ɗaya ba.

Maman Ilham: Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan ma'aunin ba shi da alaƙa da asusun kamfani, sunan ne kawai ya yi kama, domin cinikin da ake yi a kasuwa tsakanin masu saye da masu sayarwa yake aunawa. Malam Na-Kwari kuma ya faɗi gaskiya a kan bambancin farko, amma ban yarda da inda ya kai maganar ba. Kowane hannun jari da aka saya, wani ne ya sayar da shi, don haka babu wani kuɗi da ya shiga wanda bai fita ta ɗaya hannun ba. Abin da MFI yake yi shi ne ya ɗauki cinikin yini gaba ɗaya ya jefa shi a ɗaya daga cikin kwanduna biyu, na hawa ko na sauka.

Ga yadda yake zaɓar kwandon. Yana haɗa farashi mafi tsada na ranar da mafi araha da na rufewa, ya raba uku, sannan ya kwatanta abin da ya samu da na jiya. Idan na yau ya fi, ko da da kobo ɗaya ne, sai a ninka wannan farashin da adadin hannayen jarin da aka yi cinikinsu, a zuba duka a kwandon hawa, idan kuwa ya gaza na jiya sai a zuba a kwandon sauka. Bayan kwana 14 a tara kowane kwando. A lissafin da ke ƙasa, TP shi ne matsakaicin farashin nan, MF abin da aka samu bayan an ninka shi da yawan ciniki, PMF jimillar kwandon hawa, NMF kuma ta kwandon sauka.

```
TP  = (High + Low + Close) / 3
MF  = TP * Volume
MFI = 100 - 100 / (1 + PMF / NMF)
```

Layin ƙarshe shi ne gadon da ya ɗauko daga RSI, wanda J. Welles Wilder ya fitar a 1978, kafin Gene Quong da Avrum Soudack su kawo MFI a 1989. Sai dai abin da ake zubawa a cikin lissafin ya bambanta ƙwarai. RSI girman motsi yake aunawa, wato ranar da farashi ya tashi da naira 1 ta ninka ranar da ya tashi da kobo 10 sau goma a nauyi. MFI bai damu da girman motsin ba ko kaɗan, alkibla kawai yake tambaya, nauyin kuma ya bar wa yawan ciniki. Saboda haka, Baban Sadiq, kafin a ce maka komai, ka buɗe sandunan yawan ciniki da ke ƙasan zanen farashin, ka duba ko akwai rana guda da ta yi wa sauran fintinkau, kuma ka kawo mana farashinta da na ranar da ta gabace ta.

Baban Sadiq: Hajiya, kamar kin gani da idonki. Kullum cinikin bai wuce hannun jari miliyan 1 ba, amma kwana tara da suka wuce an yi cinikin miliyan 30 a yini ɗaya. A ranar farashi ya kai 20.60, ya sauka zuwa 19.90, ya rufe a 19.95. Ranar da ta gabace ta kuma 20.20 ne da 19.80, aka rufe a 20.10. Na ƙirga kwanakin 14 bisa yadda kika bayyana, bakwai na hawa ne har da wannan ranar, bakwai na sauka.

Maman Ilham: To, ga amsarka nan a cikin waɗannan lambobin. Matsakaicin farashin ranar da ta gabaci babbar ranar, idan ka haɗa ukun ka raba, 20.03 ne, na babbar ranar kuma 20.15. Ka lura cewa farashin rufewa ya sauka da kobo 15, don haka RSI ya rubuta ranar a matsayin ranar asara, amma MFI ya rubuta ta a matsayin ranar hawa, saboda ɗan tsallen da farashi ya yi zuwa 20.60 ya ja matsakaicin sama. Rana ɗaya ce, ma'aunan biyu suka ba ta hukunci mabambanta, kuma ita ce ranar da ta fi kowace nauyi.

Mu yi lissafin a dunƙule. Rana ta yau da kullum, miliyan 1 sau naira 20, ta kama naira miliyan 20. Kwanakin sauka bakwai sun ba da miliyan 140. Kwanakin hawa shida na yau da kullum sun ba da miliyan 120, sai babbar ranar ta ƙara kusan miliyan 600, jimilla 720. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar MFI ita ce kason kwandon hawa a cikin jimillar kwandunan biyu, wato 720 cikin 860, wanda ya kama kusan kashi 84 cikin 100. Lambar da ka gani ke nan. Da babbar ranar ta zo da ciniki irin na kullum, da 140 ne cikin 280, wato 50, kusa da abin da RSI yake gaya maka. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne wannan: da farashi mafi tsada na ranar ya tsaya a 20.20 maimakon 20.60, da matsakaicin ya zama 20.02, ya gaza na jiya da kobo ɗaya, miliyan 600 ɗin nan su koma kwandon sauka, MFI ya nuna kusan 14. Da yanzu tambayar da kake yi mana ita ce ko ka ƙara saye saboda an sayar fiye da kima.

Akwai kuma abin da za ka gani nan da kwanaki kaɗan, gara ka san shi tun yanzu. RSI na Wilder yana rage nauyin tsofaffin kwanaki a hankali, kamar yadda shuni yake kodewa a jikin tufa, amma MFI tara kwana 14 kawai yake yi, wanda ya fita daga cikinsu ya fita gaba ɗaya. Muddin babbar ranar tana ciki, ko da sauran kwana 13 duk na sauka ne da ciniki irin na kullum, MFI ba zai yi ƙasa da kusan 70 ba. Ranar da ta fita kuwa zai faɗo daga sama zuwa wajen 50 a lokaci guda ba tare da komai ya faru a kasuwa ba, kuma wanda bai san dalili ba zai ce kuɗi sun gudu. Shawarata ita ce kada ka sayar saboda 84 ɗin nan, kuma kada ka ƙara saye saboda ita. Ka koma kan dalilin da ya sa ka sayi hannun jarin tun farko, kuma ka tambayi dillalinka ko cinikin miliyan 30 ɗin nan yarjejeniya ce guda da manyan masu jari biyu suka ƙulla tsakaninsu, ko kuwa cinikayya ce mai yawa da ta bazu cikin yini.

Malam Na-Kwari: Na karɓi lissafin, Hajiya, ba ni da ja a kansa. Amma ki yi mini uzuri, mutumin da ya zuba naira miliyan 600 a yini ɗaya ba wasa ya zo yi ba, akwai abin da ya sani.

Maman Ilham: Mai yiwuwa ne, Malam, sai dai wanda ya sayar masa shi ma ya rabu da kayan miliyan 600, kuma MFI ba shi da hanyar gaya mana wanne ne a cikinsu ya fi sanin abin da yake yi. Inda nake ganin amfaninsa shi ne a hannun jarin da ake cinikinsa sosai kowace rana, inda babu yini guda da zai danne sauran. A can, idan farashi ya kai sabon tsayi amma MFI ya kasa kai tsayinsa na baya, yana nufin kwanakin hawa sun fara zuwa da ƙaramin ciniki, kwanakin sauka kuma da babba, kuma wannan abu ne da RSI ba zai iya gani ba. Ko a nan ma gargaɗi ne kawai, domin na sha ganin irin wannan saɓani ya ɗauki makonni farashi yana ci gaba da hawa.

Ɗan Damagaram: Ni matsalata daban ce, amma tana da nasaba. Ina cinikin yuro da dala a manhajar MetaTrader, kuma na daɗe ina sa MFI kusa da RSI. Na lura cewa a zanen awa ɗaya, yakan yi motsi mai ƙarfi da zarar an buɗe kasuwar Landan, ko da farashi bai yi nisa ba. Na taɓa sayarwa saboda ya wuce 80 da safe, farashin ya ci gaba da hawa har yamma, na yi asarar da ta dame ni.

Maman Ilham: Ɗan'uwa, a kasuwar musayar kuɗaɗe babu cibiya guda da take tattara adadin cinikin duniya, don haka abin da manhajarka take kira yawan ciniki, a mafi yawan lokuta, ƙidayar sau nawa farashi ya canza ne a wurin dillalinka. Idan ka buɗe saitin ma'aunin a MetaTrader 5 za ka ga zaɓi tsakanin Tick, wato ƙidayar canjin farashi, da Real, wato ainihin yawan ciniki, kuma na farkon ne yake aiki a yawancin asusun musayar kuɗi. Awannin Landan sun fi na dare yawan motsi, shi ya sa kyandir biyu ko uku na safiya, wato sandunan farashi na awa-awa, suke rinjayar sauran, kusan irin abin da ya sami Baban Sadiq.

Alhaji Mai Lissafi: Ni dai har yanzu ban ga abin da wannan ma'aunin ya ƙara wa mutum ba, tunda sai da aka koma aka duba sandunan ciniki da ido kafin a gane abin da yake nufi.

Ɗan Damagaram: Wasu da nake bi suna cewa ƙidayar canjin farashin tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ainihin ciniki, don haka ba zan cire shi ba tukuna, sai dai zan mayar da shi kan zanen yini in gwada na wata biyu.

Baban Sadiq: Na gode muku duka. Na kira dillalina, ya ce zai duba mini yadda cinikin ranar ya kasance ya sanar da ni gobe. Idan ƙirgata daidai ce, saura kwana biyar babbar ranar ta fita daga lissafi, kuma zan dawo in faɗa muku inda MFI ya tsaya.