Zanen rawaya da baƙi a gefen Row: abin da aka ce

An yi tambaya kan abin da ke sa zanen rawaya da baƙi fitowa a Flutter, kayan aikin gina manhaja, idan aka sa dogon `Text` a cikin `Row`, ɓangaren da ke jera abubuwa a kwance. Masu amsa sun haɗu a kan abu ɗaya: a Flutter uwa, wato ɓangaren da ke ɗauke da wani a cikinsa, ita ce ke miƙa iyaka, ɗa ya zaɓi girmansa, sannan uwar ta ajiye shi. Amma `Row` ba ya yi wa 'ya'yansa iyakar faɗi, shi ya sa dogon `Text` ke miƙewa a layi ɗaya har ya wuce allo, zanen ya fito.

Maganin da na fi gamsuwa da shi:

```dart
Expanded(child: Text(bayani))
```

`Expanded` yana ba rubutun ragowar fili kawai, sai ya karya layi. Wani ya ba da shawarar rage girman harafi. Ban yarda ba, domin ƙaramar waya za ta dawo da matsalar.